Daga Wurno zuwa kantunan Landan: gwanintar mai fitar da zoɓo

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, kamar a sauran sassan Jigawa, yakuwa abu ce da ake shukawa a kan iyakar gona ko a tsakanin gero da dawa. A ci ganyenta da damina, a ɓare zoɓonta idan sanyi ya shigo, a ajiye gurguzu don iri ko daddawa. Abin da ya wuce bukatar gida sai a auna shi da kwano a kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu, dillalai su haɗa buhuna su nufi Dawanau a Kano, daga can manyan 'yan kasuwa su cika kwantena zuwa Meziko da Turai. Wannan tsohuwar hanya ce, kuma tana ci da mutane da yawa. Amma akwai wata hanya ƙarama a gefenta wadda ta fi wuya, ta kuma fi bukatar basira: mutum ya ɗauki zoɓon nan, ya gyara shi, ya ƙulla a ƙananan ledoji da sunansa a jiki, ya kai shi har kan kantar shagon da 'yan Afirka mazauna Birtaniya ke sayen kayan miya. Masu yin wannan su ne suke burge ni, domin aikinsu na haɗa ido irin na manomi da lissafi irin na ɗan sari da haƙurin bin doka.

Abin da ya raba gwani da ɗan koyo a wannan sana'a shi ne inda kowannensu ke fara tunani. Ɗan koyo yana farawa daga buhu: ga kaya na saya da araha, ina zan kai? Gwani kuwa daga kantar shago yake farawa. Sai ya san wanda zai miƙa hannu ya ɗauki ledar, da kuɗin da zai yarda ya biya, da abin da doka ta ce a rubuta a jikinta, sannan ya yi ta dawowa baya mataki-mataki har ya iso gonar Wurno a ƙasar Birnin Kudu. Duk shirinsa a kan wannan juyin yake.

Zaɓen kaya

Ba kowane abincinmu ne ƙofar Birtaniya ke buɗe wa ba, kuma gwani yana sanin haka kafin ya kashe sisi. Kilishi shi ne abin da 'yan'uwanmu na can suka fi kewa, amma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka yarda su shigar da nama Birtaniya, don haka duk kilishin da aka kama a bakin ruwa lalata shi ake yi. Wake yana da tarihi mai ɗaci: a watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun burbushin maganin ƙwarin nan da muke kira fiya-fiya fiye da ƙima. Ƙimar da aka yarda da ita miligiram 0.01 ne kacal a kilo guda, wato kusan babu. Riɗi, wanda Jigawa ke alfahari da shi, yana shiga, amma da tsauraran bincike a kan ƙwayar cutar salmonela. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli kuma suna fama da gubar fumfuna da ake kira afalatoksin, wadda Turai ba ta yarda ta wuce kashi 4 cikin biliyan ba a gyaɗar da za a ci kai tsaye.

Shi ya sa mai hankali kan fara da zoɓo. Busasshe ne, ba nama ba ne, yana jure doguwar tafiya, kuma ba mu kaɗai ke shan sa ba. A titin Rye Lane na unguwar Peckham a kudancin Landan, inda shagunan 'yan Najeriya suka yi layi, wanda zai sayi zoɓo zai iya kasancewa Bahaushe ko Bayarabe, ɗan Gana ko ɗan Senegal, ɗan Sudan ko ɗan Jamaika. Kaya guda, masu saye iri-iri.

Wannan ba ya nufin zoɓo ba shi da tarko. A 2017 Meziko, wadda ita ce babbar mai sayen zoɓon Najeriya, ta dakatar da karɓarsa saboda wani ƙwaron rumbu da aka samu a cikin kaya, kuma sai da aka yi shekaru kafin ƙofar ta sake buɗewa. Darasin da gwani ya ɗauka shi ne, ana cin kasuwar waje ko a rasa ta tun a wurin shanya da ajiya.

Aikin da ake yi a gida

Je ka ga wurin gyaran zoɓo na wanda ya san aikinsa. Ba a ƙasa ake shanya ba, a kan tamfol ne ko gadon raga da aka ɗaga daga ƙasa, inda akuya da kaji ba sa kaiwa. Mata na zaune da faifai, kansu a ɗaure, suna tsince tsakuwa da kara da ƙwanson gurguzu, suna ware mai ja-wur da ya kusa baƙi daga wanda ya koɗe. Gwani zai damƙi zoɓon ya matse. Idan ya yi ƙaras-ƙaras ya karye, ya bushe. Idan ya lanƙwashe ya yi laushi, da sauran ruwa a jikinsa, kuma a cikin kwantena mai zafi da ke kan teku wannan ruwan ne zai zama fumfuna. Masu saye na waje kan nemi kada danshin ya wuce kashi 12 cikin ɗari, saboda haka bayan gwajin hannu yana da ɗan ƙaramin ma'aunin danshi da yake tabbatarwa da shi.

Akwai wata tambaya da ba ya gajiya da yi wa duk wanda ya kawo masa kaya: "Malam, a wane buhu ka zuba, kuma me ka fesa a ɗakin?" Buhun da ya taɓa ɗaukar taki ko wake mai magani ba ya shiga wurinsa. Fiya-fiya ba ta kusantar rumbunsa. Yana ajiya a buhunan nan masu leda biyu a ciki da ba sa barin iska ta shiga, domin ƙwaro ya mutu da kansa ba tare da magani ba. Wannan ne dalilin da ya sa ya fi son sayen kai tsaye daga manoma kaɗan da ya sani a Wurno da ƙauyukan kewaye, maimakon tarin kasuwa da aka cakuɗa daga hannu goma. Idan matsala ta taso, yana so ya san gonar da ta fito.

Kafin kaya su bar Kano, yakan ɗebi samfuri daga buhuna daban-daban, sama da tsakiya da ƙasa, ya haɗa ya aika ɗakin gwajin da mai karɓar kayan a Birtaniya ya yarda da shi. Ana duba burbushin maganin ƙwari da ƙwayoyin cuta da fumfuna. Kuɗin gwajin yana da ciwo, amma kayan da suka faɗi gwaji a Kano ana iya sayar da su a Dawanau, waɗanda suka faɗi a tashar Felixstowe kuwa mai su ne zai biya kuɗin ajiya da na lalata su.

Takardun gida ba su da yawa idan an bi su da tsari. Rajistar kamfani a CAC, takardar mai fitar da kaya daga NEPC, takardar lafiyar tsirrai daga NAQS bayan sun duba kayan, da takardar NAFDAC tunda abinci ne da aka ƙulla don sayarwa. Sai fom ɗin NXP da ake buɗewa ta banki, wanda da shi Babban Banki ke bin sawun kuɗin, domin ƙa'ida ita ce kuɗin kaya su dawo gida cikin kwana 180 daga ranar da aka yi lodi a jirgi.

Rubutun jikin leda

A kasuwar Sara kaya ne ke magana, mai saye ya taɓa ya sansana ya yi ciniki. A shagon Landan mai kaya ba ya nan, rubutun jikin leda ne wakilinsa a gaban mai saye da gaban hukuma. A nan ne ake gane wanda ya ƙware.

Abu na farko shi ne suna. Doka na son sunan da zai gaya wa kowa abin da ke ciki, da Turanci, don haka `Dried Hibiscus` ne ke zama babban suna. A ƙarƙashinsa gwani yakan jera sunayen da masu sayensa ke nema da su: `Zobo` don 'yan Najeriya, `Sobolo` don 'yan Gana, `Bissap` don 'yan Senegal, `Sorrel` don mutanen Karibiyan. Wanda ya rubuta sunan gida kaɗai ya rufe wa kansa da yawa daga cikin masu shiga shagon.

Sai nauyi. Idan aka rubuta giram 100, to matsakaicin nauyin ledojin bai kamata ya gaza haka ba. Zoɓo kan ƙara bushewa bayan an ƙulla, saboda haka gwani yakan saita sikelinsa a kan giram 102 ko 103. Sai ranar da kayan suka fi kyau kafin ta, wadda ake rubutawa da `Best before`, da bayanin yadda za a ajiye, da ƙasar da kayan suka fito. Haruffan ma akwai ƙa'idarsu: tsayin ƙaramin harafi kada ya gaza milimita 1.2.

Abin da ya fi kama sababbi shi ne adireshi. Tun daga 1 ga Janairun 2024, duk abincin da aka ƙulla ake sayarwa a Ingila da Sikotilan da Wales sai ya ɗauki suna da adireshin wani kamfani da ke cikin Birtaniya, wato mai shigo da kayan. Adireshin Birnin Kudu ko na Kano shi kaɗai bai isa ba. Ma'anar wannan ita ce ba a buga leda sai an gama shiri da wanda zai karɓi kaya a can. Mutane sun sha buga ledoji dubbai da kyakkyawan zane, daga baya su koma manna takarda ɗaya bayan ɗaya da hannu, a ƙasar da ladan awa guda ya kai kuɗin aikin kwanaki a gida.

Akwai abubuwa 14 da dokar Birtaniya ta ce dole a bayyana su ƙarara saboda suna tayar wa wasu mutane da rashin lafiya mai tsanani, kuma gyaɗa da riɗi suna cikinsu. Zoɓo ba ya ciki. Amma mu a nan tabarmar da aka shanya riɗi jiya ita za a shimfiɗa wa zoɓo yau, kuma ɗaki guda ne ke ɗaukar buhun gyaɗa da na zoɓo. Ƙwayar riɗi guda a cikin leda na iya kai wani yaro asibiti, ta kuma sa a janye kayan duka daga shaguna. Gwani yana ware wa zoɓo tamfol ɗinsa da faifansa da ɗakinsa. Idan ba zai iya raba su sarai ba, ba ya ɓoyewa, yana rubuta gargaɗin cewa ana iya samun burbushin riɗi ko gyaɗa.

Sauƙin zoɓo zalla shi ne, tunda abu guda ne, ba ya bukatar jerin abubuwan haɗi ko teburin sinadaran abinci. Da zarar an zuba masa citta da kanumfari, jerin haɗi ya wajaba, daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Idan aka ƙara sukari, teburin ma ya hau kai. Shi ya sa shirin da ya nuna yakan fara da zalla, haɗin ya biyo baya idan an kafu.

Wani abin da gwani ke danne zuciyarsa a kai shi ne kirarin magani. A gida kowa na cewa zoɓo na sauke hawan jini, kuma mai kaya zai so ya rubuta haka da manyan baƙaƙe. Dokar can ta hana a ce abinci yana warkar da cuta ko yana hana ta. Jimla guda irin wannan ta isa jami'an ƙaramar hukuma su sa a kwashe kayan daga kanta. Abin da yake rubutawa a madadin haka shi ne yadda ake jiƙawa da tafasawa, domin 'ya'yan da aka haifa a can da yawa suna son zoɓo amma ba su iya haɗa shi ba.

Na ƙarshe lambobi biyu ne. Ɗaya lambar zane-zanen da na'urar kanti ke karantawa, wadda ake samu daga GS1 Nigeria, kuma lambobin Najeriya da 615 suke farawa. Manyan 'yan sari ba sa son kayan da ba su da ita. Ɗayar kuma lambar rukuni ce, wadda shi da kansa yake tsarawa, misali `L-WRN-1225-03`, wato kayan Wurno, na watan 12 na 2025, ɗauri na uku. A littafinsa wannan lamba tana da sunayen manoman da suka kawo da ranar gwaji. Idan aka yi ƙorafi, rukuni guda zai janye, ba dukan kayansa ba.

Lissafin farashi daga sama zuwa ƙasa

Bari mu bi kwali guda mu gani. Alƙaluman nan na misali ne don a ga yadda ake lissafin, kowa zai sa nasa na ranar da yake ciniki. Mu ce kwali na ɗauke da leda 24 masu giram 100, wato kilo 2.4, kuma mu ɗauka fam guda naira 2,000 ne.

Gwani ya sa an zaga masa shaguna, an ga irin wannan leda ba ta wuce fam 2 a kan kanta. Ba shi ne zai yanka wannan farashi ba, kasuwa ta riga ta yanka. Kwali ke nan fam 48 a hannun masu saye. Mai shago yana biyan haya da wuta da ma'aikata, ba zai ba da wuri a kantarsa ba sai ya ga kusan kashi 30 cikin ɗari, don haka zai sayi kwalin a fam 33. Ɗan sarin da ke raba wa shaguna da motarsa zai cire fam 6, ya rage fam 27. Kuɗin jirgin ruwa da fitar da kaya daga tasha da ajiya da kaiwa rumbun ɗan sari, a ce fam 7 a kowane kwali. Abin da ya rage fam 20, wato naira 40,000. Wannan ne ainihin kuɗin kwalin a bakin ruwan Legas, kuma a cikinsa ne komai na gida zai fito.

Don a samu kilo 2.4 mai tsabta sai an sayi kilo 3, domin tsinta da rairaya na cin kusan kashi ɗaya cikin biyar. A naira 2,500 kowane kilo, naira 7,500 ke nan. Ladan masu tsinta da ƙullawa naira 2,000. Ledoji masu kauri da bugun rubutu da kwali naira 7,000. Rabon kwalin daga kuɗin gwaji da takardu da mota zuwa Legas naira 6,000. Jimla 22,500. Sannan gwani yakan ware kashi 10 cikin ɗari na kuɗin kwalin, naira 4,000, don ledar da ta fashe da wadda aka bayar ɗanɗano da bashin da ba zai dawo ba. An kai 26,500. Riba ta zama naira 13,500 a kwali. A lodin gwaji na kwali 200, naira miliyan 2.7.

Dubi abin da wannan jeri ya nuna. Zoɓon kansa bai kai kashi ɗaya cikin goma sha biyu na kuɗin da mai saye ya biya a Landan ba. Saboda haka wanda ya tsaya yana matse manomi don ya rage naira ɗari biyu a kilo, ko ya sayi mai ƙasa-ƙasa don araha, bai fahimci inda kuɗin suke ba. Gwani ya gwammace ya ƙara wa manomin Wurno wani abu a kan farashin kasuwa domin ya shanya a kan tamfol, tunda wannan ƙarin ba ya taɓa ribarsa sosai, kayan da aka ƙi karɓa kuwa suna cinye ta duka har da uwar kuɗi.

Lissafin ne kuma ke hana shi faɗawa ramin jirgin sama. Zoɓo ba shi da nauyi amma yana cin wuri, su kuwa kamfanonin jirgin sama suna auna girman kwali su mayar da shi nauyi. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita a raba da 6,000. Kwali mai 40 da 30 da 30 zai ba da kilo 6, alhali a sikeli bai fi kilo 3 ba, kuma a kan 6 ɗin za a caje ka. A fam 4 kowane kilo, fam 24 ke nan maimakon fam 7 na ruwa. Ƙarin fam 17 ya kai naira 34,000, ya ninka ribar kwalin fiye da sau biyu. Don haka jirgin sama na samfuri ne kawai, kwali biyar ko goma da za a nuna wa masu shago. Kayan sayarwa ta ruwa suke bi, kuma tunda kwali 200 ba su kusa cika kwantena ba, ana haɗa su da kayan wasu a biya gwargwadon wurin da suka ci.

Sauran abu biyu da yake sa wa ido su ne canji da lokaci. Idan naira ta yi ƙarfi fam ya koma 1,800, fam 20 ɗin nan sun zama naira 36,000, ribar kwali ta sauka zuwa 9,500 ba tare da kowa ya cuce shi ba. Kuma kuɗin da ya zuba a watan Disamba ba za su dawo ba sai kaya sun yi makonni a hanya da tasha, ɗan sari ya karɓa, an ba shi kwana 30 ko 60 kafin ya biya. Wata huɗu zuwa biyar ke nan kuɗi na kwance. Wanda ya ci bashin wata uku don wannan ciniki ya shiga uku tun kafin jirgi ya tashi. Akwai dai sauƙi guda: tun Yunin 2023 Birtaniya ta fara wani tsarin rangwamen haraji ga kayan ƙasashe masu tasowa, Najeriya na ciki, kuma gwani yana tabbatar da cewa takardunsa sun nuna asalin kayan domin a ci moriyarsa.

Shiga shaguna

Babu mai fitar da kaya da zai yi nisa ba tare da mutum a can ba. Wannan mutumin shi ne mai shigo da kaya a idon doka: yana da lambar EORI ta kwastan, ya yi rajistar sana'ar abinci a ƙaramar hukumarsa, sunansa ne a jikin leda, kuma shi za a fara tuhuma idan wani abu ya faru. Sau da yawa ɗan'uwa ne ko abokin da ke zaune can, kuma a nan ne zumunci kan lalata ciniki, ciniki ya lalata zumunci. Gwani ba ya barin abin a kan "ai ɗan'uwana ne". Suna rubutawa: nawa ne la'adarsa, yaushe zai turo kuɗi, wa zai ɗauki asarar kayan da suka lalace, su sa hannu. Tun ranar gini tun ranar zane.

Hanyoyin isa kanta uku ne. Ana iya bi shago-shago kai tsaye, a ci ribar ɗan sari, amma sai an sami mai mota da lokacin zagaye da bin bashi. Ana iya bi ta manyan rumbunan sari na kayan Afirka da Karibiyan, inda masu shaguna ke zuwa da kansu su yi lodi. Nan kaya na tafiya da yawa, sai dai ba sa kula sabon suna sai sun ga shaidar cewa yana tafiya. Akwai kuma ajiye kaya a shago a kan sai an sayar a biya, abin da ya yi kwantai a dawo da shi. Wannan ta fi sauƙin buɗe ƙofa, ita ce kuma ta fi cin mutane, domin mai shagon da bai sa kuɗinsa ba yakan tura kayan can ƙasan kanta bayan buhunan gari.

Gwani yana haɗa su ne bi da bi. Yakan zaɓi shaguna goma kawai a unguwa biyu ko uku, misali Peckham da Woolwich da Dalston, ya ba kowanne kwali guda, ya nemi a ajiye masa daidai ido, kusa da citta da kanumfari da barkono, inda mai haɗa zoɓo zai tsaya. Bayan mako biyu wakilinsa ya koma ya ƙirga abin da ya rage. Shagon da ya sayar da leda 15 cikin 24 ya nuna hanya. Wanda ya sayar da 3, sai a duba: farashi aka ɗora, ko ɓoye kayan aka yi, ko masu shiga shagon ba mashaya zoɓo ba ne? Kwalin farko ba ya nuna komai, don ana iya karɓarsa saboda kunya ko kara. Abin da gwani ke jira shi ne mai shago ya kira da kansa ya ce a ƙaro, kuma ya biya na baya. Idan shida cikin goma suka yi haka sau biyu, to ya sami abin da zai ajiye a gaban babban ɗan sari.

Kalanda ma tana cikin shirin. Zoɓo na tashi a shagunan can lokacin azumi, da lokacin zafi, da kuma Kirsimeti, domin a wajen mutanen Karibiyan shi ne abin shan bikin. Amma sabon zoɓon Jigawa sai Nuwamba zuwa Janairu yake shigowa, ba zai taɓa riskar Kirsimetin shekararsa ta ruwa ba. Wanda ke son wannan kasuwa sai ya saya da kaka lokacin araha, ya adana da kyau, ya yi lodi a Satumba. Azumi kuwa yana matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara, don haka ranar lodinsa ma matsowa take yi.

Babban laifin da masu shago ba sa yafewa shi ne yankewar kaya. Mai saye ya saba da leda, ya zo bai samu ba sau biyu, ya koma ta wani, mai shago kuma ya ba wani wurin. Saboda haka lodi na biyu yana barin Legas tun rabin na farko na rumbu, kuma launinsa da tsaminsa da nauyinsa dole su zama daidai da na farko. Gwani ba ya ƙara sabon kaya, ko garin kuka ko citta ko riɗi, sai zoɓon ya zagaya sau uku ba tare da ƙorafi ba, kuɗinsa sun dawo ta banki cikin wa'adi. Daga nan ne yake da sunan da ɗan sari zai amsa wa waya, da littafin rukuni da zai nuna wa duk jami'in da ya tambaya, da manoma a Wurno da suka san cewa tamfol da tsabtataccen buhu suna da farashinsu na daban.